Masu Ɗaura Eriyar Oba-oba a Ƙasar Rogo da Karaye

A garuruwa irin su Beli, Zarewa da Fulatan, inda layin wayar salula kan ɗauke da zarar an nausa cikin gonakin rake, har yanzu oba-oba tana da kasuwa. 'Yan sintiri na riƙe da ita da dare, masu manyan gonaki na kiran masu gadi da ita, haka ma kamfanonin da ke aikin hanya. Ƙananan na hannu, irin su Baofeng, wat huɗu zuwa biyar suke fitarwa, ba sa zuwa nesa. Shi ya sa kowace ƙungiya mai ɗan hali takan ajiye babba guda a ofis, mai wat 25 zuwa 50, a kafa mata dogon ƙarfe, a ɗaura eriya a kai. Wanda ke yin wannan aiki ba shi da shago mai allo a bakin titi. Sau da yawa tsohon mai gyaran rediyo da talabijin ne da ya koyi aikin a hannun wani injiniya a Kano ko Zariya, ana kiransa ta waya, ya zo a kan babur da jaka da naɗin kebur a kafaɗa.

Duk wanda ya daɗe a sana'ar zai gaya maka cewa yawancin manyan oba-oba da ake kawo masa sun mutu, ba daga cikinsu ciwon ya taso ba. Daga saman ƙarfe ya sauko. Masu ita sukan ce wutar janareta ce ta yi mata yawa, ko kuwa ta tsufa. Shi kuwa kafin ya kwance ko da kusa ɗaya, tambayarsa ta farko ita ce wa ya ɗaura eriyar, kuma da wane kebur.

Aikin daga Kano yake farawa, domin kayan ba su samuwa a kasuwar ƙauye. Mai sana'ar yakan ɓata yini guda, ya shiga Sabon Gari wajen masu kayan lantarki, ya nemi abu huɗu: kebur, filogi, sandar alminiyam ko ta tagulla, da dalma. Kebur ne babban abin lura. Waya ce guda a tsakiya, an lulluɓe ta da farar roba, an saƙa ragar jan ƙarfe a kanta, sannan baƙar riga a waje. A jikin rigar ake rubuta sunansa. Siriri mai kaurin fensir shi ne RG-58, mai kaurin yatsa kuma RG-213, dukansu na om 50 ne. Akwai na uku da ya cika kasuwa, ya fi su araha nesa ba kusa ba, wato RG-6 na tauraron ɗan Adam, wanda na om 75 ne. Gwani yakan sa a yanko masa ɗan guntu ya fere ya duba ragar. Idan ta yi sako-sako har ana hango farar robar ta tsakaninta, ko kuwa ya kankare wayar tsakiya ya ga fari a ƙarƙashin ja, ya san alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, sai ya wuce gaba. Irin wannan ba ya kama dalma da kyau, kuma damina ɗaya ke cinye shi.

Eriyar kanta da hannu ake iya haɗa ta, kuma nan ne awo ke shigowa. Kowane zango yana da tsawon igiyarsa. A raba 300 da adadin megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon a mita. Rediyon da ke aiki a megahaz 150 igiyarsa mita biyu ce. Eriya mafi sauƙi sanda ce a tsaye mai rubu'in wannan tsawo, wato santimita 50, a rage kashi biyar cikin ɗari saboda igiya ba ta gudu a ƙarfe kamar yadda take gudu a sarari, sai a samu wajen santimita 47 da rabi. A gindinta ana lika sanduna uku ko huɗu masu kusan tsawon nan, a haɗa su da ragar kebur. Idan aka bar su a miƙe kwance, eriyar takan nuna om 36 ko kusa da haka. Idan aka lanƙwaso su ƙasa rabin hanya, sai ta hau zuwa wajen om 50. Wannan lanƙwasar da mai kallo zai ɗauka kwalliya ce, ita ce ke daidaita eriya da kebur.

Dalilin duk wannan ɗawainiya shi ne, an ƙera rediyon ne domin ya tura wutarsa cikin om 50. Idan kebur na 50 ne, eriya ma ta 50, duk wutar da ta isa sama takan fita iska. Idan eriya ta saɓa, ko don tsawonta bai dace da zangon ba, ko don wani abu ya tsinke, sai ta karɓi wani kashi, ragowar ya juyo ya gangaro ta cikin kebur ɗin da ya hau. Wanda ya taɓa ɗaure igiyar guga a jikin turke ya riƙa kaɗa ɗaya bakin ya ga irin wannan da idonsa: kaɗawar takan je turke ta dawo, mai tafiya da mai dawowa su haɗu, sai igiyar ta yi wuraren da take tsalle sosai da wuraren da kusan ba ta motsi, kuma wuraren ba sa gusawa. Haka ƙarfin wuta ke yi a cikin kebur, wani wuri ya yi tozo, wani ya yi kwari. Idan aka raba tsayin tozon da na kwarin, lambar da ta fito ita ce ma'aunin mai sana'ar ke nunawa da haruffan SWR.

Ma'aunin ƙaramin akwati ne da ake sawa tsakanin rediyo da kebur. Yana da maɓalli mai gefe biyu, FWD na wutar da ke tafiya, REF na wadda ke dawowa. Tsofaffin injiniyoyi sun saba da Bird 43, wanda aka fara ƙerawa a Amurka tun shekarun 1950 kuma har yau ana amfani da shi. Matasa sun fi riƙe NanoVNA, ɗan abu mai girman tafin hannu da ke gwada eriya ba tare da an kunna rediyo ba. Lissafin da ke bayansu ɗaya ne:

```
k   = √(REF / FWD)
SWR = (1 + k) / (1 − k)
```

Ba a yin lissafin nan a bakin aiki, an haddace sakamakonsa. Idan SWR ya nuna 1.5, kashi huɗu cikin ɗari ne ke dawowa, ba damuwa. Idan ya nuna 2, kashi goma sha ɗaya ne, a fara bincike. Idan ya kai 3, rubu'in wutar ne ke dawowa, a saki maɓallin magana nan take.

Mutane da yawa, har da wasu masu gyara, sukan ɗauka cewa wutar da ta dawo ɗin ce kawai ke shiga rediyo ta zama zafi, kamar dai rubu'in nan da ya dawo ne ke dafa shi. Lamarin ya fi haka. Taransistar ƙarshe, wadda masu aikin ke kira fainal, ita ce ke tura wuta cikin kebur, kuma abin da ya dame ta shi ne nauyin da take gani a gabanta. Rediyo mai wat 50 da ke tura wa om 50 yana fitar da bolt 50 da amfiya ɗaya. Idan SWR ya kai 3, a wani wuri cikin kebur ƙarfin yakan hau bolt 75, gudun wutar ya sauka rabin amfiya. A wani wurin kuma ƙarfin ya sauka bolt 25, gudun ya hau amfiya ɗaya da rabi. A wuri na farko kebur yana nuna kamar om 150, a na biyu kamar om 17. Tsakanin wuraren biyu, a megahaz 150 cikin RG-58, santimita 33 ne kacal.

To, rediyo yana zaune ne a bakin kebur, kuma tsawon kebur ɗin ne ke yanke hukuncin wanne daga cikin waɗannan nauyaye zai tarar. Wani nauyin yakan sa fainal ta riƙa jan wuta fiye da ƙima daga batir, ta yi zafi, ta gasu a hankali cikin makonni. Wani kuma yakan sa ƙarfin bolt ya yi tsalle a kanta ya wuce abin da za ta iya jurewa, ta fashe daga ciki cikin ƙiftawar ido, jikin rediyon ma bai ɗumama ba. Wannan ne ya sa za ka ga ofisoshi biyu da eriya mai lahani iri ɗaya, na ɗaya ya shekara yana aiki da ƙyar, na ɗayan ya mutu ran farko. Bambancinsu ɗan guntun kebur ne da bai kai kamu ɗaya ba.

Ga kuma zafin ƙasarmu. Ko lafiyayyen rediyo mai wat 50 yakan ja amfiya goma ko fiye daga bolt 13.8, wato kusan wat 140, ya tura 50 sama, ragowar ya zama zafi a jikinsa. A watan Afrilu, cikin ɗaki mai rufin kwano, an tura shi lungu an ɗora masa littafin rajista a kai, dama can a bakin iyakarsa yake. Ƙari kaɗan daga eriya ya isa.

Mu ɗauki wani aiki irin wanda ake yawan samu. Ofishin 'yan sintiri ne a Beli, suna da rediyo mai wat 50 a zangon da ke kusa da megahaz 150. An kafa ƙarfe mai tsawon mita 12, domin wannan zango kusan iya ganin ido yake tafiya, kuma daga wannan tsawo yakan kai kilomita goma sha huɗu a fili kafin doron ƙasa ya tare shi. Daga rediyo zuwa eriya an ja RG-58 mita 15. Da rani komai lafiya. Bayan ruwan farko da iskarsa, sai 'yan ofis suka lura suna jin waɗanda ke kusa, amma na bakin daji ba sa jin su, kuma bayan rediyon yana zafi har ba a iya ɗora hannu.

Mai sana'a da ya iso ba ya fara hawa sama. Yakan cire kebur, ya ɗaura wa rediyon abin gwaji, wato dunƙulen ƙarfe mai om 50 cif da ke shanye wuta ba ya watsa ta. Idan ma'auni ya nuna wat 50 na tafiya babu mai dawowa, rediyo ya kuɓuta, laifin yana gaba. Sai ya rage ƙarfinsa zuwa wat 10 don kada gwajin ya ƙarasa shi, ya mayar da kebur, ya danna. FWD ya nuna 10, REF ya nuna 2.5. Rubu'i ke nan, SWR 3.

Sabon shiga zai ce eriya ta ɗan goce, a rage mata tsawo. Gwani kuwa yakan tuna da abin da kebur ɗin kansa ke ci. RG-58 mai mita 15 a wannan zango yana cinye kusan rabin wutar da ta bi ta cikinsa. Wat 10 sun shiga, 5 suka isa sama. Idan eriya ba ta karɓi komai ba, duka biyar ɗin za su juyo, kebur ya sake cin rabi, 2.5 su iso ƙasa. Daidai abin da ma'auni ya nuna. Ashe ukun da ake gani a ƙasa tana nufin a can sama babu eriya sam: ko wayar tsakiya ta zare daga filogi, ko ta haɗu da raga. A ganina wannan ɗan lissafi shi ne ya raba mai sana'a da mai taɓa-ka-lashe, domin ma'auni ba ya faɗin abin da ke sama, abin da ya iso gabansa kawai yake faɗa, kuma dogon kebur kullum yana rage munin labari kafin ya iso.

Kafin ya hau, yakan sa ƙaramin ma'aunin wuta tsakanin tsinken filogi da jikinsa. A eriya irin wadda aka bayyana, bai kamata su nuna a haɗe ba. Amma sai ya san irin eriyar da ke sama, domin akwai na kanti da aka ƙera su a haɗe da gangan saboda tartsatsin hadari, waɗanda lafiyayyu ne ko da sun nuna haɗuwa. Ya hau, ya warware filogin PL-259 da ke gindin eriya. Abin da aka saba tararwa shi ne wanda ya yi aikin farko bai lika tsinken da dalma ba, murɗawa kawai ya yi ya naɗe da baƙin salatif, iska ta yi ta kaɗa kebur har wayar ta zare. Filogin nan kuma ba ya hana ruwa. Idan aka fere rigar aka ga ragar ta yi kore ko baƙi, ruwa ya shiga, kuma yakan bi saƙar ya gangara mita da yawa.

Jiƙaƙƙen kebur ya fi tsinkakke yaudara. Yana shanye wuta sosai, mai tafiya da mai dawowa duka, har ma'auni a ƙasa ya nuna 1.3, mai gyara ya yi murna, alhali kusan babu abin da ke fita iska. A nan fainal ba ta cikin haɗari, amma rediyon ya zama kurma kuma bebe. Don haka idan lamba ta yi kyau amma ba a ji daga nesa, sai a kai ma'aunin sama, a sa shi a gindin eriya, a ga nawa ne ke isowa.

A aikin Beli, maganin shi ne a sauke tsohon kebur gaba ɗaya a sa RG-213, wanda a wannan tsawo rubu'i kawai yake ci, wato wajen wat 37 cikin 50 za su isa sama maimakon 25. A lika sababbin filogi da dalma, a naɗe su da robar da ke narkewa ta kame kanta, a bi da salatif daga ƙasa zuwa sama don kada ruwa ya sami baki. A yi wa kebur ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ya shiga bango, ruwan da ya biyo shi ya ɗige a waje. Sannan a daidaita eriya. Ana gwada ta a zangon da ke ɗan ƙasa da na aiki da wanda ke ɗan sama. Idan lambar ta fi kyau a na ƙasa, sanda ta yi tsawo, a gutsure. Santimita ɗaya yana matsar da ita kusan megahaz uku, saboda haka milimita biyu ko uku ake cirewa a kowane karo, kuma dama da ɗan rara ake yanko ta tun farko, tunda abin da aka yanke ba ya komawa. Ana kuma yin awon ƙarshe bayan eriya ta hau mazauninta, domin kusancin rufin kwano ko jikin ƙarfe yana canza ta. Idan ta tsaya a 1.2 ko 1.3, aiki ya yi. Neman 1.0 cif ɓata yini ne.

Rediyoyin kirki, irin su Motorola da Kenwood da Icom, suna da kariya a ciki: da sun ji wuta na dawowa da yawa sai su rage ƙarfinsu da kansu. Wannan ne ma ya sa rediyon ofishin ya rayu har mai gyara ya iso. Amma kariyar ba ta da tabbas idan aka yi ta danna shi dare da rana a haka, kuma masu arha da yawa ba su da ita. Ƙananan na hannu sun fi mutuwa ta hanya biyu: a danna magana alhali an kwance eriya, ko a ɗaura wa mai aiki a megahaz 150 eriyar da aka yi domin 450 saboda bakinsu ɗaya ne. Idan fainal ta tafi, rediyo yakan ci gaba da ji, fitilarsa ta yi ja idan an danna, amma sai wanda ke tsakar gida ne zai ji shi. Canza ta aiki ne na mai haƙuri. Taransista irin RD70HVF1 ta Mitsubishi sai an goge mazauninta tas, an shafa man da ke kai zafi jikin ƙarfe, an ɗaure daidai, an sake saita wutar da take ja. Jabunta sun yi yawa a kasuwa, kuma wanda ya sa sabuwa bai gyara eriya ba zai dawo cikin mako.

Abin da ke faruwa a ofishin Beli shi ne ke hana injiniyoyin manyan gidajen rediyo barci, daga na Rediyon Kano a Tukuntawa zuwa Pyramid a Madobi da Freedom da ta fara aiki a 2003, gidajen da mutanen Rogo da Karaye ke kamawa kullum. Sai dai a can kashi huɗu cikin ɗari ba abin wasa ba ne. Injin da ke fitar da wat dubu goma, idan SWR ya kai 1.5, wat 400 ne ke dawowa, kuma tozon ƙarfin wuta na iya yin tartsatsi a cikin bututun da ke hawa hasumiya ya ƙona shi. Shi ya sa irin waɗannan injuna sukan rage ƙarfi ko su kashe kansu a kusa da wannan lamba, kuma ana hura busasshiyar iska cikin bututun don kada danshi ya zauna.

Ta fuskar kuɗi, sana'ar ba ta da albashi, jinga ce. Mai aikin yakan yi lissafin kebur da mita, filogi da ɗai-ɗai, kuɗin mai walda da ya haɗa ƙarfe, kuɗin mota zuwa Kano da dawowa, sannan ladan hannunsa. Kebur ne ke cin kaso mafi girma, kuma farashinsa dala yake bi, sai ka yi ciniki yau, ka je kasuwa jibi ka tarar ya tashi, ribar ta tafi. RG-213 ya ninka RG-58 tsada, nan ne kuma gardama ke tashi, domin ƙungiyar 'yan sintiri da karo-karon mutanen gari take tafiya, shugabanta zai ce ranka ya daɗe, ga wani can ya ce zai yi da kebur ɗin dish a rabin kuɗin. Gaskiya ne RG-6 mai kyau yana iya aiki, saɓaninsa da om 50 bai wuce 1.5 ba idan aka yi sa'a da tsawo, amma ragarsa ta alminiyam ba ta kama dalma kuma ba ta zama a filogin oba-oba, a nan yake kashe mutum. Mai sana'ar da ya san darajar sunansa yakan haƙura da aikin maimakon ya yi shi haka, ko da yake sau da yawa shi ɗin za a kira daga baya ya canza fainal, wadda kuɗinta ya ninka na filogi sau da yawa.

Wahalar a jiki take. Hawa ƙarfe mai mita goma sha biyu da igiya a ƙugu, da rana ƙarfen na ƙuna, da hunturu iska na kaɗa shi. Ba a hawa idan hadari ya haɗo, kuma ba a hawa sai an cire wa rediyo batir, don wanda ya taɓa eriya ana cikin magana takan ƙona masa yatsa har cikin nama. Kasuwar ma ta lokaci ce: farkon damina aiki yakan yi yawa, da kaka masu gonaki su nemi a gyara musu kafin girbi, sauran shekara sai a koma gyaran sola da talabijin. Akwai kuma batun izini. Gwamnatin tarayya ce ke raba zangon oba-oba a Najeriya, kuma a wannan zamani na 'yan bindiga a maƙwabtan Katsina da Kaduna, mai hankali ba ya ɗaura wa kowa eriya sai ya san ko su wane ne, ya ga takardarsu, ko hakimi da jami'an tsaro sun san da su.

Kafin ya karɓi cikon kuɗinsa, yakan kira wanda zai riƙa zama da rediyon ya nuna masa abu uku: kada ya danna idan kebur a cire yake, ya cire kebur ɗin ya ajiye shi nesa da rediyo idan ana tsawa, ya kuma riƙa taɓa bayan rediyon bayan doguwar magana. Sannan ya rubuta kwanan wata da lambar da ma'auni ya nuna a jikin bango kusa da soket, domin idan ya dawo bayan ruwan farko na baɗi ya sami abin da zai gwada sabon awo da shi.